Memuwar Ta Yi Kaɗan

Shekara talatin da ɗaya Malam Ado ya yi yana aikin palanto a wani ofishin gwamnati a Damagaram. Shi ke buɗe ƙofa da safe, shi ke kai dosiyen takardu daga wannan biro zuwa wancan, shi ne kuma ya san wane darakta ba a yi wa magana sai ya sha shayi. Ranar da ya yi ritaya abokan aiki suka haɗa masa shadda, da agogon bango, da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ta kan teburi wadda ofis ya gaji da ita. Shaddar ya ɗinka, agogon ya tsaya bayan wata huɗu. Ordinatar ɗin kuwa ya sa aka yi mata teburi na musamman a ɗakinsa na zaure a unguwar Garin Malam, ya yanka tsohon zanen matarsa Zainaba ya yi mata mayafi.

Shi dai bai iya aiki da ita ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Don autarsa Ilham ya ɗauko ta. Ilham tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙasa da taswira, kuma a kan wannan tsohuwar take rubuta memuwar ɗinta, wato babban rubutun da ɗalibi ke miƙa wa malamai kafin a ba shi digiri. A kan rijiyoyin karkarar Guna take rubutun, can inda aka haifi Malam Ado.

Sai an san wani abu kafin a gane ciwon Malam Ado. Kuɗin rajistar Ilham, kawunta Alhaji Hamisu na Yamai ne ke biya. Wayarta shi ya saya. Littattafanta shi ke aikowa a mota, har jakar da take ratayawa. Alhaji Hamisu mutumin kirki ne, bai taɓa yi wa kowa gori ba, abin da ya sa ma Malam Ado ya rasa inda zai kama ya ji haushinsa. Duk cikin karatun yarinyar nan, abu ɗaya rak uban zai nuna ya ce nasa ne, shi ne akwatin nan mai mayafin zane. Burinsa memuwar ɗin ta fito daga cikinsa, daga shafin farko har na ƙarshe. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk gidan an sani.

To, tsohuwar ba ta taya shi ba. In Ilham ta danna mata maɓalli, sai ta tashi ta je ta yi alwala, ta yi salla, ta leƙa tukunya, ta dawo ta tarar tana nan tana ƙugi, ƴar da'irar nan tana ta juyawa a allo. Rubutu kam tana lallaɓawa. Amma da aka zo babin taswira, inda rijiya sittin da uku za su hau kan hoto ɗaya kowace da sunanta, sai ta ce ba da ita ba. Ilham ta taɓa nan, komai ya sandare. Ta jira, ta jira, allo ya yi fari. Ranar Talata da la'asar abin ya kai ta ga kifa kai a kan teburi tana kuka, saura kwana shida a miƙa aiki.

Zainaba ba ta yi shawara da kowa ba ta kira yayanta. Ta dawo tana murna.

"Malam, an huta. Yaya Hamisu ya ce zai sako sabuwa ta hannu a motar Juma'a. Wannan kuma a kai ta ɗakin shirgi, dama ina neman teburin da zan riƙa jera kwalaben man gyaɗa."

"Madalla," in ji Malam Ado. "Allah ya saka masa."

Da gaske ya yi addu'ar, amma tuwon da aka kawo masa rabi ya ci.

Washegari Laraba Ilham ta fita tun da safe, za ta wuni jami'a wajen malamin da ke duba aikinta. Zainaba ta tafi suna a Karkada. Malam Ado ya zauna ya dubi akwatin, ya tuna wata magana da ladanin masallacinsu ya taɓa yi, cewa akwai wata yarinya kusa da Kasuwar Dole da ta tayar da ordinatar ɗin makarantarsu bayan kowa ya yi mata salati. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaura wa kowace zare mai launi don kada ya manta raminta. Ya naɗe akwatin a mayafinsa, ya tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur, ya hau baya ya rungume ta a cinya. Ɗan kabu-kabun ya tambaya ko rediyo ce, ya ce masa ya dai ja su tafi.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai sayar da fitilun sola. Mai shagon, Wasila, ba za ta wuce shekara talatin ba, ta ɗaure mayafinta ta baya don kada ya shiga aiki, da ɗan sukudireba a maƙale a kunne ta kan ɗankwali. Ta gaishe shi har ƙasa, ta karɓi akwatin, ta haɗa shi da allon shagon, ta kunna. Suka zauna jira. Ta tambaye shi iyali, ya amsa. Ta tambaye shi zafi, ya amsa. Hira ta ƙare, ordinatar ba ta gama tashi ba.

"Baba, haka kuke fama?"

"Yau ma don ta ga baƙuwa ce take sauri," in ji shi. "Ƴata, ki faɗa mini gaskiya. Ta mutu ne, ko da sauranta?"

Wasila ta ɗan duba nan da can a allo, ta kashe, ta zare wayar wuta, ta kwance murfin gefe. Ta kai akwatin bakin ƙofa ta busa masa iska da ƴar na'ura, ƙurar shekara da shekaru ta tashi har mai takalmi ya yi tari ya yi Allah ya isa. Sannan ta dawo ta haska ciki da fitilar waya.

"Da sauranta sosai. Irin waɗannan na ofis ƙarfi gare su, ƙwaƙwalwarta lafiya lau, rubutu da taswira ba za su gagare ta ba. Abu biyu ne ke ja mata baya. Na farko wannan." Ta ƙwanƙwasa wani ƙarfe mai kauri kamar sandar sabulu. "Diski ne, a nan komai yake ajiye. Faifai ne a ciki yana juyawa, da ɗan hannu mai kai da komowa yana nemo abin da aka tambaya. Kamar dai palanto ne, Baba. A aike shi ɗakin ajiya ya ɗauko dosiye, ya tafi, ya laluba, ya dawo, a sake aikensa. To palanton nan ya tsufa, ƙafa ta gaji."

Malam Ado ya gyara zaman hularsa. "Haka ne," ya ce. "Suna tsufa."

Ita ba ta san inda maganarta ta sauka ba. Ta jawo wani ɗan abu baƙi, shafal, bai kai tafin hannu ba. "Wannan shi ake kira SSD. Ba faifai, ba hannu, ba abin da ke motsi a cikinsa, ana tambaya yake miƙowa. Zan kwafe duk abin da ke cikin tsohon in zuba a nan, yadda yake, ko ɗigo ba zai ɓata ba. Na biyu kuma, memuwar. Memuwar ɗinku ta yi kaɗan."

Nan fa Malam Ado ya ɗago.

Faransancinsa na palanto ne: dosiye, kuriye, kashe, sinyatir. Yana ji da shi kuwa, don ya sha gyara wa ƴan ƙauye kalma a bakin ƙofar ofis. Memuwar kuma ɗaya ya sani a duniya, wadda ƴarsa ta yi wata goma sha ɗaya tana rubutawa, ta yi baƙi a rana tana bin rijiyoyi da littafi a hannu. Yanzu ga wata da ko shafin farko ba ta buɗe ba tana ce mata ta yi kaɗan.

"Kaɗan kamar yaya?"

"Biyu ce kawai. A zamanin nan biyu ba ta kai mutum ko'ina. Sai takwas."

Ya san babi huɗu Ilham ta rubuta, ba biyu ba. Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya tuna ko jiya Ilham ta ce malaminta ma ya ce a ƙara. Wataƙila duk masu ilimin nan bakinsu ɗaya.

"To wa zai ƙara?"

"Ni mana. Minti biyar ne."

Innalillahi, in ji Malam Ado a zuci. Ashe haka ake digiri yanzu, a shago, tsakanin mai takalmi da mai fitila. Tambaya ɗaya da ta warware komai, amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya cikin Faransanci ba zai tambayi sa'ar ƴar cikinsa ma'anar kalma ba. Sai ya yanke shawara shi kaɗai: zai bari ta yi aikin diskin, amma zai sa ido, da ta ɗora yatsa za ta yi rubutu a cikin aikin ƴarsa zai riƙe hannunta. Suka daidaita a kan aiki, ya jawo benci har gwiwarsa na taɓa teburin.

Wasila ta taɓa ƙarfen akwatin da hannu tukuna, ta ce don wutar da ke taruwa a jikin mutum ta sauka kada ta lalata kaya. Ta haɗa sabon diskin kusa da tsohon da ƴar waya ja, ta soka wani ɗan makullin USB a gaba, ta kunna. Wani layi ya fito a allo yana cika a hankali.

"Yanzu sai haƙuri, zai ɗauki awa ɗaya da wani abu. Ga batir na nan ko wuta ta ɗauke. Baba ko za ka je ka sha iska?"

"Nan ma da iska," in ji shi.

Bai motsa ba. Aka kawo masa fura ya sha ido na kan allo. Mutane suka shigo da wayoyi da firinta suka fita. Aka kira azahar, ya yi salla a bakin shagon, ya sallame ya leƙo ya ga ko ta taɓa wani abu. Layin ya cika. Wasila ta kashe, ta zare wayar wuta, ta cire wayoyin tsohon diskin guda biyu ta mayar wa sabon, ta ɗaure shi da ƙusa a gefe. Ta kuma canza wani ɗan batir mai kamar kwabo, ta ce shi ya sa kullum agogon ordinatar ɗin ke komawa baya.

"Tsohon diskin zan bar shi a ciki, Baba, a ɗaure a wurinsa amma ba a haɗe ba. Komai na nan a cikinsa yadda yake yau. In wani abu ya faru wata rana, shi za a koma wa."

Wannan ta yi wa Malam Ado daɗi, har ya ɗan saki jiki ya miƙe ƙafa. Yana cikin haka sai ya ji ta ce, "Saura memuwar." Ya zuba wa maɓallan rubutu ido. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sa hannu cikin akwatin, ta danna wasu ƴan kunnuwa farare, ƙas, ƙas, ta zaro wasu siraran abubuwa biyu kore, kowane kamar tsawon yatsa biyu.

"Ga tsohuwar memuwar ɗin. Rami biyu ne kawai, dole ta fita kafin sabuwa ta shiga."

Ta jefa su cikin wani gwangwanin madara da ke gefen teburi. Gwangwanin cike yake da irinsu, sun fi talatin, duk kore, duk kama ɗaya.

Malam Ado bai san lokacin da ya miƙe ba. Benci ya kife, kwanon fura ya gangara ƙofa. Ya rarumi gwangwanin da hannu biyu ya rungume a ƙirji.

"Ke! Ke ƴar nan! Wace ce tata? Wace ce a ciki?"

"Baba lafiya?"

"Wata goma sha ɗaya! Shafi tamanin da huɗu! Litinin za ta miƙa! Kin ce ƙarawa za ki yi, ban yarda ba ma na yi shiru, yanzu kin cire ta ɗungurungum kin watsa cikin na mutane!" Ya zazzage gwangwanin a kan teburi yana juya su ɗaya-ɗaya, yana neman suna. "Ba ta san ma na fito da ita ba. Me zan ce mata?"

Tsoro ne na gaske ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da Zainaba ɗakin haihuwar Ilham ɗin. Mai takalmi ya leƙo da allura a hannu. Wasila ta tsaya baki buɗe, sai can abin ya faɗo mata. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ta yi iya ƙoƙarinta don girman furfura, dariyar ta ƙwace.

"Wayyo Baba, ka yafe ni. Memuwar ta makaranta kake nufi! Wallahi sunan ne ɗaya. Ni ma na rubuta tawa, na san zafinta. Zauna, don Allah zauna."

Ta tayar da bencin, ta zaunar da shi, ta ɗauko ɗaya daga cikin korayen ta ɗora masa a tafin hannu.

"Wannan ba ta riƙe komai. Da an kashe wuta ta manta duk abin da ta gani. Teburin aiki ce kawai. In teburi ƙarami ne, dosiye biyu ya cika, sai a yi ta kwashewa ana mayarwa ɗakin ajiya ana sake ɗaukowa. Taswirar ƴarka ta fi ƙarfin teburin, shi ya sa komai ke tsayawa. Jiga biyu ce da, da jiga ake auna girmanta, yanzu zan sa huɗu da huɗu. Rubutunta kuma yana cikin diski, har wuri biyu ma yau."

"Teburi," in ji Malam Ado.

"Teburi, Baba."

"To me ya hana su ce teburi?"

"Sai ka tambayi Faransawa."

Bai saki korayen ba dai. Ta ɗauko sababbi biyu daga leda, ta nuna masa ƴar tsagar da ke gindin kowace, ta ce irin ta wannan ordinatar ce ta nemo, wata irin ba za ta ma shiga ramin ba. Ta daidaita tsagar, ta danna da manyan yatsu biyu har kunnuwan suka rufe da kansu. Ta mayar da wuta.

"Danna da kanka."

Ya danna. Ya juya zai gyara zama don jiran da ya saba, Wasila ta taɓo hannun rigarsa. Allon ya riga ya buɗe, ga hoton Ilham da ƙawayenta, ga ƴan alamomin da ake taɓawa duk a inda suke. Ba ƙugi, ba da'ira.

"A'a," in ji shi. "Kashe ki sake."

Ta kashe ta sake. Wannan karon ya ƙirga a fili, bai kai ashirin ba. Ta tambaye shi sunan ƴar, ta nemo rubutun ta buɗe. Karatun Malam Ado na bayan ambulan ne, sunaye da lambobi, amma ya ishe shi ya ga ILHAM ADO da manyan baƙaƙe a shafin farko, da 84 a can ƙasa. Ya duba tafin hannunsa, ya duba allo. Sai shi ma dariya ta zo masa, irin mai fitowa daga ciki, har da hawaye, har mai takalmi ya kama ba tare da ya san kan zancen ba.

"Ƴata," ya ce yana share ido, "palanton nan da kika ce ya tsufa. Shekara talatin da ɗaya ina palanto."

Wasila ta dafe kai. "Na shiga uku. Baba..."

"Ba komai, gaskiya kika faɗa, ƙafar ta gaji. Allah ya yi miki albarka. Amma maganar gwangwanin nan ta tsaya a shagon nan."

"Ni kam na yi shiru," in ji Wasila. "Mai takalmi ne ban ɗaukar maka alkawarinsa ba."

Kafin la'asar ya isa gida. Ya bi zaren da ya ɗaura ya mayar da kowace waya raminta, ya lulluɓa mayafin, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya zauna da carbi kamar wanda bai taka ko'ina ba. Zainaba ta dawo daga suna ta tambaye shi me ya sa yake ta murmushi shi kaɗai, ya ce wani abu ya tuna.

Ilham ta shigo a gajiye, fuska ba walwala. Malaminta ya ce lallai yana son ganin taswirar da sunayen rijiyoyin duka kafin Asabar. Ta gaida uban, ta ajiye jaka, ta yaye mayafin, ta danna maɓalli ba ko kallo, ta ɗauki buta ta nufi ƙofa.

"Auta, kin bar abu a kunne."

"Sai ta gama tashi, Baba."

"Ai ta tashi."

Ta waiwaya. Butar na hannunta ta dawo ta tsaya a gaban allon. Ta taɓa rubutunta, ya buɗe. Ta taɓa taswirar, wadda jiya ta sa ta kuka, ta buɗe kafin ta ɗauke yatsa. Ta ja ta hagu, ta bi. Ta ja ta dama, ta bi. Ta ajiye butar a kan littattafanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, me ka yi mata?"

"Ba wani abu ba ne," in ji Malam Ado yana jan carbi. "Diskin ne ya tsufa, aka sa SSD. Memuwar kuma ta yi kaɗan, na sa aka ƙara. Ba irin taki ba, kada ki tsorata. Wasu sukan rikita su."

Ilham ta yi ihun da ya fito da uwarta daga madafa da muciya a hannu. Ta durƙusa ta riƙe hannun uban da hannu biyu tana dariya tana "Baba! Baba!" Zainaba ta dubi allo, ta dubi mijinta, ta ce ita dai ta ga teburin man gyaɗarta ya tafi. Ilham ta ce a kira Kawu a yi masa godiya, a ce ya dakata da saye, aikinta duk ga shi nan a shirye, ba ta da kwanan da za ta ɓata wajen kwashe kaya zuwa sabuwa.

Ta zauna nan take. Abin da ba ta taɓa samun yi ba shi ta fara: ta sa sunayen rijiyoyin sittin da uku su fito gaba ɗaya. Suka bazu a allo, kowane a gefen ɗigonsa shuɗi.

"Baba, zo ka ga garinku."

Ya taso ya tsaya a bayanta, hannu a baya kamar mai jiran a sa wa takarda hannu. Ta nuna masa hanyar mota, ta nuna masa tafki, ta matso da wurin har ya cika allon. Ya sunkuya yana haɗa baƙaƙe a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya gane wannan, ya gane wancan. Sai ya tsaya.

"Nan gabas ne?"

"Gabas ne."

"To Rijiyar Kellu ba ta gabas da tafki. Yamma take, bayan tsamiyoyi. Ta gabas ɗin Rijiyar Inusa ce, mai ruwan zartsi, ko jaki sai ya matsu yake sha. Kin sa kowace a gidan ƴar'uwarta."

"Baba, da na'ura fa na ɗauki wuraren."

"Na'urar ta taɓa jan ruwa a can? Ni shekara tara ina ja."

Ilham ta jawo littafin da ta yi yawon karkara da shi, wanda gumi da ƙasa suka rine, ta buɗe tana bi da yatsa. Ta duba allo, ta sake duba littafi. Lamba goma sha huɗu da lamba arba'in da ɗaya, wajen shigarwa ta juya su. Kuma a babi na uku ta rubuta shafi guda cur a kan dalilin da ya sa ruwan gabas ya fi daɗi.

"Da haka zan tsaya gaban malamai," ta ce a hankali. "Ɗayansu ɗan Guna ne."

Ta gyara lambobin, sunayen biyu suka yi musanyar wuri a allo nan take. Ta sa wa shafin babi na uku alama don ta sake shi. Sannan ta gangara ƙasan taswirar, inda ake rubuta daga wa aka samo bayani, ta ɗora yatsu a kan baƙaƙe.

"Dole in sa sunanka a nan, ƙa'ida ce. Wanda ya ba da bayani, da aikinsa. Me zan rubuta?"

Malam Ado ya dubi wurin da sunan zai shiga. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya ji in ya yi magana da sauri muryar za ta ba shi kunya a gaban matarsa. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"A cikin memuwar ɗin? Ta gasken?"

"Ta gasken, Baba."

"To rubuta Ado Ɗanladi, palanto mai ritaya." Ya matso da fuska kusa da allon yana kallon baƙaƙen na fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Ki bar wurin a buɗe tukuna, kada ki rufe. Matso mini da arewa in duba sauran."